Ukun da Aka Manta a Cikin Baka

A lissafin kalkulas, alamar dy/dx tambaya ɗaya take yi: idan x ya ɗan gusa, ninki nawa na wannan gusawar y zai yi? Ɗalibi yakan fara da y = x², ya haddace cewa amsa ita ce 2x. Daga nan hannu ya saba: sauko da lambar sama, rage mata ɗaya, shi ke nan.

Sai a ba shi y = (3x + 1)². Ya sauko da 2, ya rubuta 2(3x + 1), ya ja layi a ƙasa yana murna. Abin tausayi, domin rabin aikin daidai ne. Ya manta cewa lissafi biyu ne a nan, ɗaya cikin ɗaya. Da farko ana ninka x sau uku a ƙara ɗaya, sannan a ninka sakamakon da kansa. Idan x ya yi taku ɗaya, abin da ke cikin baka taku uku yake yi, kamar tayar keke da ke juyawa sau uku a juyin feda ɗaya. Dokar sarƙa ta ce a ninka saurin na waje da saurin na ciki, wato 2(3x + 1) sau 3. Amsa ita ce 6(3x + 1).

To, yaya mutum zai kama kansa ba malami a kusa? Ya gwada da lamba. A x = 1, abin cikin baka 4 ne, y kuwa 16. Gusa kaɗan zuwa x = 1.01: baka ya zama 4.03, y ya zama 16.2409. Ke nan y ya ƙaru da 0.2409 yayin da x ya ƙaru da 0.01 kacal. Raba na farko da na biyu, ka sami 24.09. Yanzu sa x = 1 a amsoshin biyu. Ta ɗalibin ta ba da 8, ta dokar sarƙa ta ba da 24. Ɗan rarar 0.09 ba damuwa ba ce, takun ne bai kai ƙanƙanta sosai ba. Amma 8 da 24 ba kusa ba, kuma ninki uku ne tsakaninsu: ga ukun da aka bari a baka nan ya tona asirin kansa.

Sai dai a kula da lambar gwaji. A y = (x² + 1)³, saurin na ciki 2x ne, kuma a x = 0.5 ya zama 1 cif, don haka amsar kuskure da ta daidai za su zo ɗaya. Shi ya sa na fi son a gwada wuri biyu. Ɗauki biro yanzu ka gwada wannan a x = 2: idan ka sami 75 ka manta sarƙa, 300 ake nema.