Saɓa alkawari a takardar jarrabawa: inda masu auna aiki da masu auna ƙa'ida suke rabuwa

A cikin falsafar ɗa'a akwai wata mazhaba ta Turawan Ingila wadda ke cewa ana gane daidai da kuskure ne ta duban amfanin da abu ya haifar. Abin da ya fi jawo jin daɗi ya rage wahala ga duk waɗanda ya shafa, shi ne daidai, kuma a wajen wannan lissafi ba a fifita wani mutum a kan wani. Jeremy Bentham, wanda ya rasu a 1832, shi ya kafa tushenta, sannan John Stuart Mill ya faɗaɗa ta a wani ɗan littafi da ya fito a 1863. Daga baya masana suka lura cewa mazhabar ta rabu gida biyu. Akwai masu auna kowane aiki shi kaɗai, akwai kuma masu auna ƙa'idar da aikin ya hau kanta. Sunayen da ake kiran ɓangarorin da su a yau sun bazu ne bayan littafin Richard Brandt na 1959. Malaman falsafa suna yawan gwada ɗalibi da tambayar alkawari, domin a nan ne tsagewar ta fi fitowa sarari.

Misalin da ya shahara shi ne na J. J. C. Smart, wanda ya koyar a Jami'ar Adelaide a ƙasar Ostireliya. Mutum biyu ne a wani tsibiri da babu kowa. Ɗaya yana gargarar mutuwa, sai ya roƙi ɗan'uwansa ya yi masa alkawarin miƙa tarin zinarensa ga wata ƙungiyar sukuwar dawaki. Ya amsa, mai zinare ya cika. Aka ceto wanda ya rayu, ya dawo gida, ya tarar da asibiti yana matuƙar buƙatar kuɗi. Babu wanda ya ji alkawarin, babu kuma yadda za a yi wani ya ji. Tambayar jarrabawa takan zo kamar haka: shin ya halatta ya ba asibiti zinaren, kuma me kowane ɓangare na mazhabar zai ce?

Mai auna aiki yana ɗora ma'auninsa kan wannan mutum a wannan rana. Zaɓi biyu ne a gabansa, sai ya bi kowanne ya ga inda zai kai. Idan zinare ya tafi ƙungiyar sukuwa, wasu za su ƙaru da nishaɗi. Idan ya tafi asibiti, marasa lafiya za su warke, wasu ma su tsira da rai. Ɗalibai da yawa a nan suke tsayawa su rubuta cewa a saɓa alkawari, kuma a nan suke zubar da maki, don ba su gama lissafin ba. Saɓa alkawari yana da nasa asarar da dole a ɗora a kan sikeli. Wanda aka yi wa alkawari yakan ji zafi, yakan kuma yi hasarar shirin da ya gina a kai. Mai saɓawa mutuncinsa yakan zube, gobe ba a yarda da shi. Masu kallo sukan rage amincewa da maganar juna. Shi kansa yakan saba, har saɓawa ta biyu ta zo masa da sauƙi. Saboda waɗannan, a rayuwar yau da kullum mai auna aiki yana cika alkawari kusan kullum, kuma yana riƙe da dokar cika alkawari a matsayin jagora mai taƙaita masa dogon lissafi.

Gwanintar misalin tsibirin ita ce ya cire waɗannan asarori ɗaya bayan ɗaya. Mamaci ba zai ji zafi ba. Babu mai kallo, don haka amincewar jama'a ba ta taɓu ba. Abin da ya rage shi ne ɗan cizon zuciya ga mai alkawarin da haɗarin ya saba, kuma waɗannan ba su kai nauyin rayukan da ke kwance a asibiti ba. Amsar mai auna aiki ita ce ya ba asibiti, kuma wannan wajibi ne a kansa, domin a wurinsa barin zaɓin da ya fi amfani kuskure ne. Wannan ɓangare na amsar yana da muhimmanci a takarda: mazhabar ta wajabta masa saɓawa, ba izini kawai ta ba shi ba.

Mai auna ƙa'ida yana tafiya da mataki biyu. Da farko yana tambayar wace ƙa'ida ce, in jama'a gaba ɗaya suka karɓe ta suka tashi da ita, za ta fi haifar da alheri. Bayan an tsayar da ƙa'idar, sai a duba aikin: ya bi ta ko ya saɓa mata? Lissafin amfani yana nan, amma an ɗaga shi daga kan aikin mutum ɗaya zuwa kan ƙa'ida.

Saboda haka amsa mai kyau takan jera ƙa'idoji biyu ko uku ta gwada su. Ɗaya tana cewa kowa ya cika alkawari sai in ya ga saɓawa ta fi amfani. Wata tana cewa a cika alkawari ko da mutum yana ganin zai iya abin da ya fi shi. Idan al'umma ta rungumi ta farko, alkawari ya mutu, domin duk wanda aka yi wa ya san maganar tana rataye ne da lissafin da mai yin ta zai yi gobe. Mai barin wasiyya ba zai mutu da kwanciyar rai ba, mai ba da bashi zai riƙe kuɗinsa, mai ajiye amana zai tona rami ya binne. Ƙari a kan haka, mutane ba gwanaye ba ne wajen hango sakamako, kuma lissafinsu yakan karkata wajen abin da ransu ke so. Ƙa'ida ta biyu ta fi tsare wannan amincewa, don haka ita za a zaɓa. Aikin mutumin tsibiri ya saɓa mata, sai a yanke cewa zinare na ƙungiyar sukuwa ne. Sirrin da ya lulluɓe alkawarin bai canza kome ba, tunda abin da ake aunawa shi ne yadda duniya za ta kasance in kowa ya ɗauki alkawarin ɓoye a matsayin abin da za a iya yarwa.

John Rawls ya ƙarfafa wannan hanya a wata maƙala ta 1955. Ya bambanta kāre al'ada ɗungurungum da kāre aiki guda da ke cikinta. A ganinsa manufar alkawari ita ce mutum ya ɗaure kansa tun yanzu, ya sarayar da 'yancin sake lissafi daga baya. Wanda ya yi alkawari sannan ya ce ya auna ya ga saɓawa ta fi, ya nuna bai fahimci abin da ya shiga ba. Bahaushe da ya ce alkawari kaya ne ya kusanci wannan ma'ana: an riga an ɗauka, ba a sauke shi don hanya ta yi tsawo.

Kuskure na biyu da ke yawan fitowa a takardu shi ne ɗaukar mai auna ƙa'ida a matsayin wanda ba ya lanƙwasa sam. Ba haka ba ne. A ce wata malama ta yi wa ƙawarta alkawarin zuwa walima ƙarfe huɗu, a hanya ta tarar da yaro mota ta buge shi babu mai kai shi asibiti. Ɓangarorin biyu duk za su ce ta kai yaron. Mai auna aiki zai ce rai ya fi walima nauyi. Mai auna ƙa'ida zai ce tsarin ƙa'idojin da ya fi amfani yana ɗauke da togaciya ta ceton rai da kawar da babbar masifa, kuma wannan togaciya ba ta rusa amincewa, domin kowa ya san da ita, ƙawar ma za ta so a yi hakan. Brad Hooker, a littafinsa na 2000, ya sa irin wannan ƙa'ida ta hana masifa a cikin tsarinsa. Hukunci ɗaya ne, dalili daban, kuma dalilin shi mai gyaran takarda yake nema. Ɗalibi mai lura zai iya ma tambaya ko buƙatar asibitin Smart ta kai matsayin masifar da togaciyar ta rufe. In ya nuna cewa akwai mai mutuwa yau in ba a sami kuɗin ba, amsar mai auna ƙa'ida na iya juyawa.

Inda suka fi rabuwa shi ne idan ribar saɓawa kaɗan ce. W. D. Ross, wanda ba ɗan mazhabar ba ne, ya kawo misali a 1930: cika alkawari zai ba wanda aka yi wa alheri awo 1,000, saɓawa kuma zai ba wani dabam awo 1,001. In an riga an sa duk asarorin saɓawa a cikin lissafin, dole mai auna aiki ya saɓa saboda awo ɗaya tak. Yawancin mutane suna jin wannan ba daidai ba ne, kuma shi ne zargi mafi ƙarfi a kan ɓangaren: ya mai da wanda aka yi wa alkawari daidai da kowane baƙo, alhali akwai haƙƙi na musamman a tsakaninsu.

Masu auna ƙa'ida su ma ba su tsira ba. Smart, a maƙalarsa ta 1956, ya zarge su da bautar ƙa'ida. Hujjarsa ita ce, in amfani ne ya sa aka kafa ƙa'idar, me zai sa a bi ta a wurin da aka tabbata binta zai rage amfanin? In kuma suka guje wa zargin ta hanyar ƙara togaciya duk inda saɓawa ta fi, ƙa'idar za ta yi ta rarakewa har ta koma umarni guda, wato a yi abin da ya fi amfani. A 1965 David Lyons ya yi bayanin yadda wani nau'in mazhabar ke rushewa ya koma auna aiki. Martanin da aka fi bayarwa shi ne ƙa'ida abar koyarwa ce ga yara da manya, kuma mai togaciya ɗari ba ta koyuwa, ba kuma wanda zai iya dogara da ita. Wannan martani yana da ƙarfi wajen hana rushewar, amma bai kawar da zargin Smart gaba ɗaya ba, domin har yanzu mutumin tsibiri zai miƙa zinare wajen sukuwa yana sane da halin asibiti.

Akwai kuma batun Mill, wanda ɗalibai kan rubuta kai tsaye cewa mai auna ƙa'ida ne, Bentham kuma mai auna aiki. J. O. Urmson ne ya yi fice da fassara Mill ta wannan fuska a 1953, kuma masana ba su haɗu a kanta ba har yau, tunda Mill ya rasu a 1873, tun kafin a zana wannan rabuwa. A takarda ya fi tsaro a ce ana fassara shi haka, a kawo Smart a matsayin wakilin auna aiki, Brandt ko Hooker kuma a ɓangaren ƙa'ida.