Ƙofar Baya Ta Firefox: Abin Da Za A Taɓa Da Abin Da Za A Bari

Jama'a da yawa da ke shiga intanet da Firefox ba su san yana da wata ƙofa ta baya ba. In mutum ya rubuta `about:config` a gurbin adireshi na kwamfutarsa, sai wani gargaɗi ya fito, in ya yarda ya wuce sai ya tarar da dubban saituna waɗanda masu kamfanin Mozilla ba su sa a fili ba. Ko wane saiti yana da suna da ƙima. Waɗansu `true` ko `false` kaɗai su ke karɓa, watau i ko a'a, waɗansu lamba, waɗansu kuwa rubutu.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara sani shi ne hanyar komowa. Duk saitin da aka sāke, rubutunsa ya kan yi kauri, kuma wata 'yar lanƙwasasshiyar kibiya ta kan bayyana a ƙarshen layinsa. In an danna ta, ƙimar asali ta dawo. In kuwa hoton kwandon shara aka gani maimakon kibiya, to, wannan saiti ba shi da ƙimar asali, ƙara shi aka yi. Akwai kuma wani ɗan akwati, `Show only modified preferences`, wanda ke tattaro dukan abin da ya sāke wuri guda. Kada a firgita in an ga suna da yawa, gama Firefox da kansa ya kan rubuta waɗansu don tunawa da al'amuransa.

Bari mu ba da labarin abin da ya faru ga wani abokin aikinmu, don a cikinsa ne mu ka koyi yawancin abin da mu ke faɗa. Wata rana ya zo mana da kuka, wai agogon akwatin wasiƙunsa na intanet ya koma baya da awa guda cif. Wasiƙar da ta iso ƙarfe 10 sai ta nuna ƙarfe 9, ga shi kuwa agogon kwamfutar daidai ya ke. Har wa yau tagar Firefox ta daina buɗewa da girman da ya bar ta, kuma wani hoto da ya ɗora a wani shafi ya fito da zane-zane barkatai.

Da mu ka duba jerin abin da aka sāke, sai ga `privacy.resistFingerprinting` yana kan `true`. Wannan saiti daga aikin burauzar Tor aka ɗauko shi. Dalilinsa kuwa, shafuka suna iya gane mutum ko ba da kukis ba, ta hanyar haɗa ƙananan alamu kamar girman allonsa, da lokacin ƙasarsa, da yadda na'urarsa ke zana hoto. Saitin sai ya sa Firefox ya ɓoye waɗannan, ya ba da amsa iri ɗaya da ta sauran masu amfani da shi. Yana gaya wa ko wane shafi cewa lokacinsa na Girinwic ne. Nijeriya da Nijar kuwa suna gaba da Girinwic da awa 1, nan awar abokinmu ta ɓace. Da a Kumasi ya ke zaune, da bai lura da kome game da agogo ba, don lokacin Gana shi ne na Girinwic.

Mu ka danna kibiya, mu ka sabunta shafin, agogo ya daidaita, mu ka tashi muna murna. Kashegari da safe sai ga shi ya komo, ya ce jiya na nan a yau.

Ashe wani ɗan'uwansa ne ya sa masa wani fayil mai suna `user.js`, wanda ya kwaso a intanet, wai don tsare sirri. Firefox yana ajiye sauye-sauyensa a fayil ɗin `prefs.js` cikin foldar da a ke kira furofayil. Amma duk sa'ad da aka buɗe shi, in ya tarar da `user.js` a wannan folda, sai ya karanta shi ya ɗora abin da ke ciki bisa kome. Saboda haka gyaranmu na jiya bai kwana ba. Mu ka shiga `about:support`, mu ka buɗe foldar daga layin `Profile Folder`, sai ga layin da ya jawo wahalar:

```
user_pref("privacy.resistFingerprinting", true);
```

A nan akwai wani tarko na biyu. Share fayil ɗin kaɗai ba ya isa, gama ƙimar ta riga ta shiga `prefs.js`, can za ta zauna. Sai da mu ka rufe Firefox, mu ka cire layin, mu ka sāke buɗewa, sa'an nan mu ka danna kibiya, kana abin ya tsaya. A ganinmu wannan saiti ba na yau da kullum ba ne ga mai aikin ofis, ko da ya ke komowa daga gare shi ba ya ɓatar da kome. Tun shekarar 2022 ma Firefox ya ke keɓe kukis na ko wane shafi a nasa wuri dabam ba tare da an taɓa kome ba.

Game da sauri kuwa, sai a yi hattara da tsofaffin shawarwari. Har yanzu a kan ga masu cewa a kunna `network.http.pipelining`, alhali an cire shi tun Firefox na 54 a 2017. Wanda ya rubuta shi yau ya ƙara suna ne kawai wanda ba abin da ke karanta shi. Sau da yawa ma sirri da sauri ba su jituwa. Firefox ya kan ɗauko shafin da aka nuna masa cewa shi za a buɗe nan gaba, tun ba a danna ba. Mai da `network.prefetch-next` zuwa `false` yana hana wannan, watau na'urar ba za ta yi magana da inda ba a aike ta ba, amma shafi na gaba zai ɗan jinkirta. Haka kuma masu kashe `browser.cache.disk.enable`: in an rufe Firefox aka buɗe, sai ya sāke sauko da hotunan da ya riga ya sauko da su jiya, mai sayen data da kuɗinsa shi zai biya. Waɗannan duka kibiya tana mayar da su yadda su ke.

Wanda kibiya ba ta warkarwa shi ne saitin da ke share abu. In aka mai da `privacy.sanitize.sanitizeOnShutdown` zuwa `true`, da zarar an rufe Firefox sai tarihin shafukan da aka ziyarta da kukis su tafi, ko wane shafi kuma ya nemi a sāke shiga da kalmar sirri. Ana iya mayar da saitin, amma tarihin shekara 3 da ya tafi ya tafi ke nan. Saboda haka kafin a taɓa irinsa, a rufe Firefox a kwafi foldar furofayil ɗungum a ajiye wani wuri. Saitunan da sunansu ya fara da `security` ko `browser.safebrowsing` kuwa mu dai ba mu taɓa su, don kashe su ba ya nuna wata alama sai ran da mugun shafi ya wuce ba gargaɗi.

In abin ya rikice har ba a san me aka taɓa ba, akwai `Refresh Firefox` a shafin `about:support`. Yana barin alamun shafuka da tarihi da kalmomin sirri, ya zubar da sauye-sauyen saituna da ƙarin manhajojin da aka ɗora, sa'an nan ya ajiye tsohon furofayil a fuskar kwamfuta cikin folda mai suna `Old Firefox Data`.