Tumbi Ya Fi Kilo Faɗin Gaskiya



In ka je asibiti a Gusau ko Tsafe, za a auna nauyinka da tsayinka a fitar da lissafin da ake kira BMI. Daga 18.5 zuwa 24.9 shi ne daidai. To amma sikeli bai san tsoka ba, bai san kitse ba, bai kuma san inda kitsen ya taru ba. Wanda ya taru cikin ciki, ya lulluɓe hanta da hanji, shi ya fi janyo ciwon suga da hawan jini.

Shi ya sa a 2013 wata masaniyar lissafi, Diana Thomas, da abokan aikinta suka fito da BRI, wato awon zagayen jiki. Shi ba ruwansa da kilo, tsayi da ƙugu kawai yake dubawa.

Ɗauki mutum biyu, kowanne tsayinsa santimita 170, nauyinsa kilo 70. Dukansu BMI ɗinsu 24.2 ne, wato lafiya lau. Na farko manomi ne, ƙugunsa 82. Na biyu yini yake zaune a shago, ƙugunsa 96. BRI na manomin wajen 3 ne, na mai shagon ya kusa 5. Ka ga sikeli ya daidaita su, tumbi ya raba su.

Lissafin BRI sai da na'ura, amma kana iya samun amfaninsa a gida, domin duk ya ginu ne a kan ƙa'ida ɗaya: kada ƙugunka ya kai rabin tsayinka. Samu igiya marar talewa, ka auna daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, ka yanke, ka ninka ta biyu. Ka ɗage riga, ka zagaya ta tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin kwankwaso, sama da cibiya kaɗan, ba inda mazagin wando yake zama ba. Ka saki numfashi, kada ka shanye ciki. In bakin igiyar biyu sun haɗu, madalla. Mai shagon nan, igiyarsa 85 ce, ƙugunsa 96, ba za ta haɗu ba.

Awon nan ba na mai juna biyu ba ne. Haka wanda cikinsa ya kumbura alhali yana ramewa, ko ƙafafunsa na kumburi: wannan yana iya zama ruwa ne daga ciwon hanta ko zuciya, asibiti zai nufa, ba rage tumbi ba.

In igiyarka ta kasa, ba a ce ciwo ya kama ka ba. Alama ce ka je a auna maka jini da suga, ko da sikeli ya ce kana daidai.

Allah Ya ƙara mana lafiya.