An Soke Jirgi, Ina Kuɗina?

Duk shekara idan hazo ya rufe sararin Kano tsakanin Disamba da Janairu, a kan soke tashin jirage a filin jirgin Malam Aminu Kano. Fasinja ya yi ta ɗaga murya a gaban kanta, ya gaji ya koma gida. Maganar baka ba ta barin shaida. Abin da ke fito da kuɗi shi ne imel.

A ce ɗan kasuwa ne daga Kantin Kwari, ya sayi tikitin Legas da katin banki, aka wayi gari saƙo ya shigo wayarsa cewa an soke tafiyar. A kan imel ɗinsa sai ya sa lambar PNR, wato haruffa da lambobi shidan nan da ke jikin tikiti, domin da ita ma'aikaci zai lalubo shi a kwamfuta. A ciki ya rubuta sunansa yadda yake a tikitin, da lambar jirgin, da ranar tafiya, da adadin abin da ya biya. Ya haɗa da hoton saƙon sokewar da rasit.

Jimla ɗaya ce ta fi kowace nauyi: kamfani ne ya soke jirgin, ba shi ya fasa ba. Wanda ya fasa da kansa, sharuɗɗan tikitinsa ne za su hau kansa, a zaftare masa wani kaso, wani lokacin ma ya tashi a tutar babu. Wanda aka soke wa kuwa yana da zaɓin karɓar kuɗinsa cif. Dokokin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, sun ce wanda ya biya tsaba a mayar masa nan take, wanda ya biya ta banki kuma cikin kwana 14. Yana da kyau ya ambaci wa'adin nan ƙarara.

Sau da yawa amsar da ke zuwa ita ce tayin ajiye masa tikitin zuwa wata tafiyar. Idan kuɗi yake so, kada ya amsa, don da zarar ya yarda an wuce wurin. Kada kuma ya cakuɗa kuɗin tikiti da diyya. Hazo ba laifin kamfani ba ne, saboda haka da wuya ya ga diyya, amma hakan bai taɓa kuɗin tikitinsa ba.

Wanda ya saya ta hannun ejan, galibi asusun ejan ɗin kuɗin ke komawa, sai ya sa shi cikin waɗanda zai tura wa imel ɗin. Idan kwana 14 suka cika shiru, ya tattara saƙonnin da kwanan watansu ya miƙa wa sashen kare haƙƙin fasinja na NCAA, wanda ke da jami'ai a manyan filayen jiragen ƙasar.