Ɗakin Haya Uku Na Shafin Intanet

A hutun da ya wuce na je gaishe da wata abokiyar karatuna, wadda yanzu ta ke riƙe da wata 'yar makarantar firamare a Gada Biyu, cikin garin Jos. Na tarar da ita ranta a ɓace. Shafin intanet na makarantar ya lalace, duk wanda ya buɗe shi sai ya ga tallan caca, har iyayen yara sun fara tambaya ko malamai ne su ke wannan sana'a. Da na bi sawun abin, sai na ga tun ranar da ta zaɓi inda za ta ajiye shafin aka yi kuskure. Tun da ya ke da yawa daga cikinmu in mun fita za a danƙa mana irin wannan aiki, na ga ya kamata in bayyana muku abin da na gano.

Kowane shafi yana zaune ne cikin wata babbar kwamfuta da a ke kira saba, wadda ba a kashe ta dare da rana. Ba mu da halin ajiye irinta, balle da irin wutar lantarkin nan tamu, saboda haka haya mu ke yi. Sunan shafi kuwa dabam ne, kuɗinsa ma dabam. Hukumar NiRA ce ke kula da sunayen da su ke ƙarewa da .ng, ta kuma ware .sch.ng domin makarantu. In ka je wurin masu ba da haya, abu uku za ka gani a rubuce: Shared Hosting, da VPS, da Managed Hosting.

Na farkon kamar ɗaki ne a gidan haya mai tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. Saba guda ce, amma shafuffuka masu ɗimbin yawa su ke ciki. Mai gida shi ke gyara, shi ke tsaron ƙofa. Kai abin da za a ba ka shi ne allo mai hotuna, galibi cPanel, inda za ka danna ka kafa WordPress, ka buɗe wa makaranta akwatin imel, ba tare da ka san komi na makanikanci ba. Shi ne mafi araha. Aibinsa kuwa duk wanda ya taɓa jiran layin famfo da asuba cikin sanyin Jos ya san shi: in maƙwabcinka ya jera bokiti goma, kai sai ka jira. Domin hana wannan ne masu gida su ke yanka wa kowa iyaka, ko da sun rubuta a tallansu cewa babu iyaka.

Na biyu, watau VPS, ita ma saba ɗaya ce, amma an tsaga ta gida-gida, kowa da rabonsa da aka auna masa, misali RAM 1 GB ko 2 GB. To, a nan ne abokiyata ta faɗa rami. Wani yaro ya ce mata wannan ya fi ƙarfi, kuma gaskiyarsa ne. Abin da bai gaya mata ba shi ne, fanko a ke ba ka. Za a aiko maka da lambar saba da mabuɗin root, watau ikon komi, shi ke nan. Babu hotunan dannawa sai in ka kafa su da kanka. Baƙin allo ne, kai za ka zuba duk abin da shafi ke bukata, kai za ka kulle ƙofofi, kai za ka riƙa sabunta kayan ciki da umurni irin wannan, in Ubuntu ce a kai:

```
sudo apt update
sudo apt upgrade
```

Yaron ya iya, ya kafa komi lafiya lau. Sa'an nan aka tura shi bautar ƙasa, ya tafi da mabuɗin a kansa. Watanni su ka shuɗe ba wanda ya sabunta komi, ba saba ba, ba WordPress ba. Ɓarayin intanet kuwa ba sai sun san sunan makarantarka ba, gama suna da na'urori masu bin gida-gida suna taɓa ƙofa, wadda su ka tarar da tsohon kwaɗo su shige. Da ta kai kuka wurin kamfanin, su ka ce saba na aiki, abin da ke cikinta ba ruwansu. Ba su zalunce ta ba, haka sharaɗin ya ke tun farko, ita ce ba ta karanta ba.

Na uku shi ya fi ruɗa mutane, domin Managed Hosting ba wata irin na'ura ce dabam ba. Aiki ne ka ke saye. Ƙarƙashinsa yana iya zama VPS, yana iya zama gidan tarayya, amma an haɗa maka da mai kula wanda zai sabunta, ya ajiye kwafi, ya tashi in abu ya faɗi da tsakar dare. Kuɗinsa ya fi, kuma akwai sharuɗɗa, gama waɗansu su kan hana ka sa waɗansu ƙare-ƙare na WordPress, waɗansu kuma ba su haɗawa da imel. Amma fa kowane kamfani da abin da ya ke nufi da wannan suna. Kafin ka biya, tambaye su a rubuce: in an fasa shafina, ku za ku share, ko ni? Kwafi nawa ku ke ajiyewa, na kwana nawa?

Mu dai mun mai da shafin makarantar gidan tarayya, domin yara wajen ɗari uku ne, abin da ke ciki kuwa hotuna ne da sanarwa da sakamakon jarrabawa. Ya zauna lafiya har ranar da aka saki sakamako. Iyaye su ka yi masa ca a lokaci guda, sai allo ya nuna 508 Resource Limit Is Reached. Abokiyata ta ɗauka ɓarayi sun dawo. A'a, iyakar nan ce da na faɗa. Namu an yanka mana ashirin, amma ba nufinsa mutum ashirin kaɗai za su iya karatu ba. Nufinsa aiki ashirin saba za ta yi mana a daidai ƙiftawar ido guda. Mai karanta sanarwa yana karɓa ya wuce, amma neman sakamako sai an shiga rumbun bayanai an tono sunan yaro, shi ya sa layi ya cushe.

Ba mu tashi daga gidan ba. Muka raba sakin sakamako, aji ɗaya zuwa uku da safe, huɗu zuwa shida da yamma, muka kuma rage nauyin hotuna. A ganina sai ran da wannan saƙo ya fara fitowa a ranakun da ba a yin komi ya kamata a yi maganar ƙaura. In ranar ta zo kuma babu malamin da ya iya baƙin allo, wanda zai daɗe a makarantar, to, mai kula za ta nema, ba fanko ba.

Sauran magana ta kuɗi ce. Farashin da a ke rubutawa da manyan baƙaƙe sau da yawa na shekarar farko ne, na sabuntawa yana can ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Dubi kuma da wane kuɗi za ka biya. Waɗanda su ke biya da dala sun ji jiki bayan da Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin naira a watan Yuni na 2023, alhali kuɗin makaranta da naira a ke karɓa. Abokiyata ta zaɓi mai karɓar naira, da sunan makaranta aka yi rajista, mabuɗan kuma an rubuta su an kulle a akwatin ofis. Kowane ƙarshen zango tana sauke kwafin shafin a filas.