Yadda Amina ta tsara takardarta kan ra'ayoyin jagoranci biyu

Da Amina, ɗalibar jami'a, ta zauna tsara takardar zangon karatunta, sai ta fara da tarihi a taƙaice. Hersey da Blanchard suka fitar da ra'ayin jagoranci bisa yanayi a 1969, Robert House kuma ya kawo na hanya da manufa a 1971.

Abin da ya burge ni shi ne tsakiyar tsarin. Maimakon ta jero salo huɗu nan, huɗu can, sai ta ɗauko sabon akawu da bai iya aikin ba, ta gwada kowane ra'ayi a kansa. Na farko ya duba ƙwarewar akawun da himmarsa, ya ce a ba shi umarni dalla-dalla, a riƙa sassauta masa yayin da hannunsa ke faɗawa. Na House ya leƙa har cikin aikin: idan ƙa'idojinsa a fili suke, yawan umarni gundura zai jawo, gara shugaba ya kau da abin da ya tare masa hanya, ya nuna masa ladan da ke gaba.

Sashen ƙarshe ta ware wa suka: na farko na da sauƙin koyarwa amma bincike bai mara masa baya sosai ba, na biyu kuwa sarƙaƙiyarsa ta sa gwada shi ke da wuya.