Yadda Harsashi Ke Ratsa Bango a Wasan Kwamfuta, da Hanyar Tare Shi

A cikin wasan kwamfuta babu abin da ke tafiya a miƙe kamar yadda ido ke gani. Kwamfuta tana lissafa inda kowane abu yake, ta zana hoto, sannan ta sake lissafi ta zana wani, yawanci sau 60 a cikin daƙiƙa ɗaya. Kowane zagayen lissafi taki ɗaya ne. Mota ko ƙwallo ko harsashi yana ɓacewa daga wuri ya bayyana a wani wuri gaba kaɗan, saurin sauyawar hotunan ne ke sa mai kallo ya ga kamar tafiya ce. Tsakanin taki da taki abin ba ya ko'ina. A wannan giɓin ne harsashi ke ratsa bango.

Gano karo shi ne aikin da kwamfuta ke yi a kowane taki don ta san ko abubuwa biyu sun taɓa juna. Ba ta duban ainihin surar mutum ko mota, domin lissafin zai yi yawa. Ana lulluɓe kowane abu da sura mai sauƙi wadda mai wasa ba ya gani, kamar akwati ko dunƙulen ƙwallo. Idan ƙwallaye biyu ne, sai a auna tazarar da ke tsakanin tsakiyarsu. In ta gaza jimillar rabin faɗinsu, sun yi karo. Idan akwatuna ne, sai a duba ko sun shiga juna ta tsawo da faɗi da tsayi gaba ɗaya. Hanyar tana da arha, kuma tana aiki sosai ga abubuwa masu tafiyar hankali. Rauninta shi ne tambaya ɗaya kawai take yi: a wannan takin, sun shiga juna ko ba su shiga ba? Ba ta tambayar ta ina abu ya bi kafin ya iso nan.

A ɗauki harsashi mai gudun mita 600 a daƙiƙa, a wasan da ke yin taki 60 a daƙiƙa. Kowane taki yana tsallake mita 10. An harba shi daga mita 0, akwai kuma bango mai kaurin santimita 20 da ya fara daga mita 25 ya ƙare a mita 25.2. Taki na farko harsashin yana mita 10, na biyu yana mita 20, na uku yana mita 30. A dukkan takin ukun kwamfuta ta duba, ba ta same shi cikin bango ba, don haka a wurinta babu karo. Harsashin ya wuce ya sami wanda ya laɓe a baya. Ba a kama shi sai in taki ya faɗo daidai cikin santimita 20 ɗin nan daga cikin mita 10, wato kusan sau biyu cikin harbi ɗari.

Daga wannan lissafi ake samun ƙa'ida: ƙaramin abu zai iya ratsa bango da zarar tsallensa na taki ɗaya ya wuce kaurin bangon. Ga bangon santimita 20 a taki 60, iyakar ita ce mita 12 a daƙiƙa, kimanin kilomita 43 a sa'a, gudun da babur ke wucewa ba tare da wahala ba. Ana gane matsalar da alamu uku. Bango yana tare abu mai tafiyar hankali amma yana barin mai gudu. Kuskuren yana zuwa jifa-jifa, gwargwadon inda aka tsaya aka yi harbi. Kuma in an ɗaure tsawon taki da saurin zanen hoto, abin yakan tsananta a ƙaramar waya, domin idan hotuna suka sauka zuwa 30 a daƙiƙa, tsallen ya ninka zuwa mita 20.

Magani mafi sauƙi shi ne a ƙara wa bango kauri ta ɓangaren da ba a gani, ko a ƙayyade gudun da abu ba zai wuce ba. Wannan yakan ishi wasan tsere ko na ƙwallo, amma ba ya isar harsashi. Na biyu shi ne a tsaga taki ɗaya zuwa ƙananan taki, a duba karo a kowanne. A misalin da ya gabata sai an tsaga shi gida 50 kafin tsallen ya sauka zuwa santimita 20, wato dubawa 3,000 a daƙiƙa ga harsashi guda. Tsagawa tana ɗaga iyakar gudu ne kurum, ba ta kawar da ita. Wasan Super Mario 64 na 1996 yana raba motsin Mario gida huɗu a kowane taki, duk da haka gwanayen wasan sun gano dabarar tsalle da baya da ke tara gudu mai yawa har ya ratsa ƙofofin da ke kulle.

Maganin da ya kai ga tushe shi ne a sauya tambayar. A ja layi daga inda harsashi yake zuwa inda zai sauka, a duba ko layin ya ratsa wani abu. A taki na uku layin ya tashi daga mita 20 zuwa mita 30, fuskar bango kuma tana mita 25:

```
t = (25 - 20) / (30 - 20) = 0.5
```

Idan t ya faɗo tsakanin 0 da 1, karo ya auku a cikin wannan takin. A nan a daidai rabinsa ne. Sai a ajiye harsashi a mita 25, a zana tartsatsi a wurin. Kaurin bango bai shiga lissafin ba, ko da siririn kwali ne za a kama shi. Idan layin ya ratsa abubuwa da yawa, mai ƙaramin t shi ne aka fara samu, kuma mantawa da wannan zaɓin yakan sa harsashi ya sami mutumin da ke bayan bango ya bar bangon. Idan abin da ke tafiya yana da jiki, kamar ƙwallo, sai a kumbura bangon da rabin faɗin ƙwallon, a ja layin daga tsakiyarta.

Wasu wasannin ma ba su ƙirƙirar harsashi mai tafiya. A Doom na 1993, da zarar an harba ƙaramar bindiga, wasan yana jan layi nan take ya ga abin da ya fara tarewa, roka ce ke tafiya taki-taki. Manhajojin gina wasa kuwa suna zuwa da dubawar hanya a shirye. A Unity akwai zaɓin Collision Detection a jikin Rigidbody, wanda ke kan Discrete tun asali, ana iya mai da shi Continuous ko Continuous Dynamic. A Box2D, wanda Erin Catto ya rubuta, ana sa wa abu alamar bullet domin a duba hanyarsa har da sauran abubuwa masu motsi.

Wannan hanyar ma tana da iyakarta. Ta fi dubawar taki tsada, shi ya sa ake kunna ta ga abubuwa ƙanana masu gudu kaɗai. Idan abin harin yana motsi, dole a cire gudunsa daga na harsashi a ja layin da ragowar, in ba haka ba mai gudu zai gitta layin a tsakiyar taki ba a gan shi ba. Abu mai juyawa da sauri, kamar takobi, tsininsa yana bin baka ne, miƙaƙƙen layi ba ya kama shi, don haka ana haɗa masa da tsaga taki. Sannan in bakin bindiga ya riga ya leƙa ta cikin bango, layin zai fara ne daga ƙetare. Saboda haka ake fara jan sa daga jikin mai harbi ko daga idonsa.